Me Take Sayarwa?

Ma'aikacin kamfanin dillancin hannun jari ya ajiye takardu biyu a kan tebur. Ta farko ta ce marigayi ya bar hannun jari a kamfanin siminti. Ta biyu ta ce ya bar wata kirifto, wato kuɗin intanet, a wayarsa.

Baba, mahaifin marigayin, ya gyara zama. Shekara arba'in yana sayar da taya, bai taɓa sayen abin da bai taɓa da hannunsa ba.

"Simintin, nawa ne darajarsa?"

"Wannan da sauƙi, Baba. Kamfanin na sayar da siminti, yana cin riba, yana raba wa masu hannun jari wani kaso. Daga ribar muke kimantawa."

"Ita kuma ta wayar, me take sayarwa?"

"Ba ta sayar da komai. Ba ta da ribar da za mu auna. Farashinta shi ne abin da mai saye ya yarda ya biya yau. Gobe zai iya ninkawa, zai iya rushewa."

Matar marigayin ta ce a hankali, "Baba, ya sha faɗa mini a bar wa yara ita, wata rana za ta tashi."

Baba ya daɗe yana kallon wayar ɗansa, mai tsagaggen gilashi.

"A sayar da ita yau. Simintin a bar musu. Shi yana da ikon jira da kuɗinsa, 'yata. Mu ba mu da ikon jira da na marayu."