Maiƙo a Ruwan Ɗauraya

Lahadi ta uku ke nan kumfa tana mutuwa a hannun Odiel.

Shekara arba'in da shida yana tsaye a bayan kantar mashayarsa da ke fuskantar coci, a ƙauyensu na yankin Flandas. Bai taɓa miƙa wa mutum giya ba sai da farar hula a kanta, kaurin yatsa biyu. Yanzu kuwa zai ɗauraye tambulan, ya karkata shi a ƙarƙashin famfo, ya miƙe shi a hankali, kumfa ta taso har ta yi ambaliya, ya share ta da wuƙa daidai da baki, amma kafin ya ajiye a gaban mai sha ta fara ramewa. Minti ɗaya, sai giya tsirara.

Staf, abokinsa tun makarantar firamare, mai kiwon tantabaru, ya ɗaga nasa tambulan yana juya shi.

"Tsoho, shayi ka koma sayarwa ne? Da ka faɗa mini, da na zo da biskit."

"Sha ka yi shiru."

"Ina sha. Tausayinta nake ji, sanƙonta ya fi nawa."

Mutane suka yi dariya, ban da Odiel. Ya riga ya sauya ganga, ya duba ƙarfin iskar tulun da ke tura giya zuwa famfo, ya sa an wanke bututu. Duk lafiya lau.

Staf ya ce a ba shi ta kwalba, baƙar nan da 'yan zuhudun coci ke yi, ko ya wanke baki. Odiel ya sauko da kofinta mai ƙafa da faɗin baki, domin ita ba a zuba ta a siririn tambulan, ƙamshinta yana son fili. Ya tsoma shi a ruwa, ya zuba a hankali, ya bar guggubin ƙasan a cikin kwalba. Wannan kumfar ma ta kwanta. Ƙananan ƙwayoyin iska suka manne a jikin kofin daga ciki, tuli-tuli.

Odiel ya daɗe yana kallonsu. Ta kwalba ba ta bi ta famfo ba. Kuma iska ba ta mannewa a gilashi mai tsabta, sai inda ta sami datti ta kama. Ya sunkuya a kan kwamin ɗauraya, inda ruwan sanyi ke gudana, wanda ko kofin kofi bai taɓa yarda a tsoma ciki ba saboda madara. Hasken taga ya faɗo a kai. A gefe, inda ruwan ya ɗan kwanta, wani siririn maiƙo yana ƙyalli.

Sai ya dubi hannuwansa.

Ruwan sanyi na shekaru ya tsattsaga su, ga ciwon suga ya hana su warkewa. Wata guda da ya wuce 'yarsa Lutgart, wadda ke aiki a birnin Gent, ta kai shi wajen likita. Likitan ya rubuta wani mai kauri, ya ce a shafa safe da rana, a kuma rage shiga ruwa, in ba haka ba ciwon zai ci ciki. Tun daga ranar Lutgart take biyowa kafin ta kama jirgin ƙasa, ta shafa masa da kanta, don ta san halinsa.

Washegari da ta buɗe gwangwanin man, ya janye hannu.

"Shi ne yake kashe mini kumfa."

"Baba, ɗan man nan?"

"Kumfa iska ce, Lutgart. Iskar cikin giya ce take fitowa, abin da sha'ir ya bari da ɗacin ganye su lulluɓe ta da wata fata siririya. Maiƙo ya taɓa fatar nan, ta fashe. Jan-baki ma yana yi, balle wannan."

"To ka sa safar roba."

"Na gwada. Kofi biyu na fasa. Kuma da safa ba na jin gilashi. Mai tsabta kuka yake yi a yatsa."

"Su sha ba kumfa mana. Giya ai giya ce."

Ya miƙa mata hannun, ta shafa, ta sumbace shi a goshi ta fita da sauri.

Da ƙarar takalmanta ta ɓace, ya tara ruwan zafi, ya zuba soda, ya dirje hannuwansa da burushi har sai da ya ciji leɓe. Sannan ya sauko da kofunan duka, sirara da masu ƙafa da masu tumbi, ya wanke su ɗai-ɗai, ya ɗauraye, ya kife su a kan raga su bushe da kansu. Ya ɗaga ɗaya a haske. Ruwa ya sauka a jikinsa shimfiɗe ɗaya, ba ɗigo ko guda.

Ran nan kumfa ta dawo. Staf ya shanye, ya ƙirga zobban da kumfar ta bari a jikin tambulan, kowace kurɓa da nata.

"Bakwai. Ashe ba ka mutu ba, shege."

Haka aka yi kwana goma sha tara. Lutgart ta shafa, ta tafi, shi ya wanke. Tsagar da ke gindin manuninsa na dama ta buɗe, ta yi ja, daga baya ta yi duhu. Idan Lutgart ta zo sai ya naɗe yatsan da filasta, ya ce wuƙar burodi ce.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, mashaya ta cika. Lutgart ma tana nan, tana yanka cuku a kicin. Odiel ya zuba wa Staf. Zubin ya yi kyau ƙwarai, kumfa luƙui kamar kirim. Ya tsoma gindin tambulan a ruwa don wanke abin da ya zubo, ya ajiye. Staf ya kai hannu, sai ya tsaya. A jikin gilashin, inda yatsan Odiel ya riƙe, wani jan ruwa yana gangarowa.

"Odiel, nuna mini hannun nan."

"Sha giyarka kafin kumfar ta kwanta."

"Na ce ka nuna mini."

"Ina ruwanka? Kai ba kumfa ka nema ba?"

Staf ya juya wajen kicin, ya kira da muryar da ba wasa a cikinta: "Lutgart, 'yata, zo ki ga babanki."

A asibiti suka cire yatsan har gindi, da rabin na kusa da shi. Likitan ya ce hannun ba zai ƙara shiga ruwan sanyi ba. Lutgart ba ta yi masa faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi masa ciwo. Aikinta a Gent yake, ba za ta iya riƙe masa sana'ar ba. Babu wanda ya zo neman sayen mashayar, sai aka rufe ta.

Ranar da za a kwashe kaya, Odiel yana zaune a kujerar masu sha, hannu a naɗe. Staf ya zo taimako, yana ta ɗaga akwatuna, bai yi tsokana ko ɗaya ba, bai kuma yarda sun haɗa ido ba. Kofunan sun yi ƙura. Lutgart ta kwashe su ta kai kicin, ta zuba su a ruwan da ta gama wanke kwanon suya, tana fitarwa tana goge su da tsumman kwanuka.

Odiel yana hango ta ta ƙofa. Ya buɗe baki.

"Me ka ce, Baba?"

Ya dubi kofin 'yan zuhudu a hannunta, gilashin ya dushe da maiƙo.

"Ba komai," ya ce. "Ki naɗe su da jarida, kada su fashe."