Tambaya ta Goma Sha Huɗu

An ba da hutu, makarantar ta watse, sai Malam Namadi kaɗai a ofis da tulin takardun jarrabawa. Shi ne malamin kimiyya ɗaya da ya rage a wannan ƙauyen na ƙasar Anka, sauran duk sun nemi canji sun gudu Gusau. Kaɗaici ya ishe shi, har ya kan ji kansa yana yi wa allo magana.

Ba wanda ya sa shi tantance tambayoyin canki-canka da kwamitin shiyya ya aiko, kuma ba mai karanta sakamakon. Amma tun da ya koyo abin a wata bita, ya riƙe shi kamar farilla.

Ɗalibai saba'in da huɗu ne. Ya jera takardunsu bisa maki, ya ware kashi ashirin da bakwai cikin ɗari daga sama, haka daga ƙasa, wato ashirin-ashirin. A tambaya ta goma sha huɗu, talatin da bakwai suka ci, ma'aunin wahalarta ya tsaya rabi cif. Ya ce madalla.

Ma'aunin bambancewa ne ya katse masa hanzari. Cikin gwanaye ashirin na sama, huɗu kacal suka ci, cikin na baya kuwa goma sha huɗu. Ya ɗebe, ya raba da ashirin, ya samu rabi ƙasa da sifili. Tambayar kirki gwanaye take fifitawa, wannan kuwa ta kifar da su.

"'Yan kwamiti sun yi shirme," in ji shi, har da 'yar murna.

Tambayar ita ce, me tafasa ruwa ke yi wa gubar dalma? Amsar kwamiti: ba ya cire ta. Ya duba littafi, haka ne. Gwanayensa kuwa kusan duk sun zaɓi "yana kashe ta".

Ya buɗe tsohon kundin darasinsa. Ga shi nan da rubutunsa: tafasa ruwa na kashe duk wata cuta da guba. Shekara shida yana rubuta wannan a allo. Masu ƙwazo sun haddace. Masu fashin aji, da ke yini wajen niƙan dutsen zinariya inda dalmar ke fitowa, sun ji gaskiya daga bakin ma'aikatan lafiya. Kunya da tsoro suka rufe shi, ga shi ba wanda zai gaya wa.

Bai iya jiran ƙarshen hutu ba. Ya tayar da babur sai gidan su Hafsa, wadda ta zo ta ɗaya. Mahaifiyarta ta leƙo zaure da goyo a baya, tana fara'a.

"Malam, Allah shi saka ma. Rijiyag ga da anka ce tana da dalma, da mun bar ta. Amma tun da Hafsa ta kawo muna karatunka, tahwasawa mukai, mu ba yara."

Ya buɗe baki. Yaron da ke bayanta yana ta kallonsa.

"Inna," ya ce, "shekara nawa ke nan kuna shan ruwan?"