Kwali na Goma Sha Biyu

Tun kafin ya ajiye jakar kayan aikinsa Auta ya ƙirga kwalayen da ido. Goma sha ɗaya ne, a jingine da bango, an lulluɓe su da tsohon zanin gado. Shekara biyu ke nan suna wurin, tun ranar da mijin Yayarsa ya sauke su daga mota da hannunsa ya ce wata mai kamawa za a shimfiɗa. Watan bai kama ba sai da aka kai shi makwancinsa.

Auta mai sa tayil ne, kuma ba na wasa ba. Ya haura arba'in, ya yi furfura a gemu, amma a bakin Yaya har gobe Auta ne, don ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu da ta yanke shawarar a ƙarasa ɗakin, wa za ta kira in ba shi ba?

Ya ja tef ya auna. Faɗi mita huɗu, tsawo mita biyar, murabba'in mita ashirin ke nan. Tayil ɗin santimita arba'in ne kowane gefe, ruwan ƙasa mai jijiyoyi farare, goma sha biyu a kwali. Lissafin ko alƙalami bai nema ba: ɗari da ashirin da biyar za su rufe ɗakin, ga shi akwai ɗari da talatin da biyu. Rarar bakwai. In a miƙe za a jera, layi yana bin bango, an gama magana.

Sai Yaya ta shigo tana goge hannu da gefen zani, ta ce a karkace take so, kusurwar kowane tayil tana kallon ƙofa. Haka suka yi da baban yara, in ji ta.

Jeren karkace ba ya bin bango, karo yake yi da shi, saboda haka duk tayil ɗin da ya kai gefe sai an yanka shi, kuma ba kowane guntu ne ke samun gurbi ba. Shi ya sa duk mai hankali a sana'ar yake ƙara kashi goma sha biyar cikin ɗari. Ɗari da ashirin da biyar a ƙara masa wannan, ya zama ɗari da arba'in da huɗu. Kwali goma sha biyu cif. Kwali guda babu, kuma Auta ya sani sarai.

Da baƙo ne ya faɗi haka, da tuni ya gaya masa ya ƙaro kwali ko ya nemi wani. Ya sha yi, har ana ce masa mai taurin kai. Amma ya ɗago ya ga yadda Yaya ta dafa kwalayen nan, sai bakinsa ya mutu.

"Zai isa dai ko?" ta tambaya.

"Zai isa, Yaya," in ji shi.

Kai, ɗan Adam! Kalma uku, kuma shi da kansa ya san ba daga kansa suka fito ba.

Da ta fita ya durƙusa yana neman hanyar da ƙaryarsa za ta zama gaskiya. Kuma ya samu wata ƴar ƙofa. Daga kusurwa zuwa kusurwa tayil ɗin ya kai santimita hamsin da shida da ɗoriya; bakwai a jere, haɗe da ƴar tazarar da ake bari tsakani, sun cika mita huɗun nan kamar don su aka gina ɗakin. Ke nan a dogayen bangayen biyu rabi-rabi kawai ake bukata, a raba tayil ɗaya ya toshe gurbi biyu, babu asara. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa, ya ga in komai ya tafi daidai ɗari da ashirin da takwas za su kai shi. Saura huɗu. Ya ce a ransa ai hannunsa ba ya ɓari, ya ja igiya ya kwaɓa siminti.

Ya fara daga bakin ƙofa, inda ido ke fara sauka. Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Yaya takan leƙo ta duba, ta koma. Wani lokaci ta kawo masa ruwa ta ce ya huta, shi kuwa ko kallonta ba ya iya yi sosai.

Matsala ta fara daga kwalin da ke can ƙasa. Da ya buɗe ya tarar uku sun tsage, ko tun ranar saukewa ne ko nauyin na sama ne, oho. Rararsa ta koma ɗaya. Ya jingine su gefe don ƙananan kusurwoyi, ya ci gaba.

Sai bango ya ci amanarsa. Ashe maginin da ya ɗora ɗakin, Allah ya shirye shi, ya bar bangon hagu yana buɗewa a hankali. Ta wajen ƙofa mita huɗu ne, ta ciki ya ƙaru da kusan yatsa uku. Shi kuma Auta, da ya shekara ashirin yana faɗa wa mutane a auna ɗaki a wuri uku, a wuri ɗaya ya auna. Yanzu rabi ba ya kaiwa bango. Dole a yanka wanda ya fi rabi, abin da ya rage kuwa ba ya toshe gurbi na gaba. Nan tayil uku suka tafi a banza.

Daga nan hannun da ba ya ɓari ya fara ɓari. Yankan kusurwa zuwa kusurwa ba ya son fargaba, don bakin tsinin siriri ne, ka danna da ƙarfi kaɗan ya ɓalle. Ɗaya ya fashe a injin yanka. Ya yi tsaki. Na biyu ya bi shi. Kafin ya kai bangon ƙarshe huɗu sun tafi, kuma duk ƙarar fashewa sai ya waiga ƙofa ko Yaya ta ji.

Ya tsaya ya ƙirga abin da ya rage, ya ƙirga gurabe. Shida babu. Kuma komawa baya ba ta yiwuwa, don tayil ɗin da siminti ya kama ba ya fitowa da rai. Kayan da marigayi ya bari ke nan, ya riga ya binne su a ƙasa.

Ya ce wa Yaya zai je sayen garin cike tsakani, ya cusa guntu ɗaya a aljihu ya shiga layin masu kayan gini. Shago bayan shago, ana juya guntun a hannu ana girgiza kai. Wani dattijo mai shago ya duba lambar da ke bayansa ya ce kamfanin ya daina wannan zanen tuni, ko da ma an samu, tayil ɗin da aka gasa wata shekara ba ya zama launi ɗaya da na wata. Ya jawo masa wani mai kama da shi. A cikin shago kamar tagwaye. Da suka fito rana sai ga shi ya fi ja, jijiyoyinsa kuma sun fi kauri. Dattijon ya yi dariya ya ce ai ku masu sa tayil kun san inda ake kai irin wannan, ƙarƙashin gado. Auta bai yi dariya ba. Amma ya sayi shida, ya naɗe su a buhun siminti, ya shigo da su ta bayan gida kamar kayan sata.

Gaskiya ne, a jikin bangon ciki, inda gurabe shidan suke, gado zai zauna. Babu mai gani. Ya jera shidan da ya sayo a gurabensu ba siminti don ya ga yadda za su zauna, ya ja da baya yana kallo, ransa a jagule. Bai ji shigowarta ba.

"Waɗannan ba nasa ba ne," in ji Yaya daga bayansa.

Ya so ya ce hasken taga ne. Ya kasa. Ya zauna a kan bokitin da ya kife ya faɗa mata komai: yadda jeren karkace ke cin tayil, yadda tun ranar farko ya san kwali goma sha biyu ake bukata, da bangon da bai auna ba, da huɗun da ya fasa. Ya ce da ya buɗe baki ya ce a jera a miƙe, da yanzu ɗakin ya cika da kayan mijinta har da saura. Yana maganar yana jiran faɗa, don Yaya in ta tashi faɗa har maƙwabta sai sun sha.

Ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa a kan sabon tayil, ta miƙe ƙafafu, ta daɗe tana kallon bangon. Sannan ta ce ai ta sani. Baban yara lissafin miƙe ya yi ya sayo goma sha ɗaya. Ita ce ta ga na karkace a wani gida ta nace, ya ce ba zai isa ba, ta ce masa maƙo ne kawai, suka kwana biyu ba ta yi masa magana. A rana ta uku ya shigo yana dariya ya ce to ta ci, za a yi mata na karkace, in ya dawo daga wannan tafiyar zai ƙaro kwali guda.

"Daga tafiyar ce bai dawo ba," ta ce. "Na ɗauka hannunka zai rufe min, Auta. Shi ya sa na tambaye ka, ban gaya maka ba."

Haushi Auta ya ji, da tausayi, da kunya, duk a haɗe, ya rasa wanne zai fara haɗiyewa. Ashe su biyun lamba ɗaya suke ɓoye wa juna tun ranar farko. Ya share fuska da bayan hannu ya ce zai ci gaba da nema, akwai tsofaffin gidajen da aka sa irinsa, wataƙila wani ya ajiye saura. Kafin nan a bar waɗannan, gado zai rufe.

Yaya ta girgiza kai. Ta rarrafa ta ɗaga tayil shidan da ya sayo ɗaya bayan ɗaya, ta jingine su a bakin ƙofa, ta ce ya mayar wa mai shago. Wurin kuma ya shafe shi da siminti ya daidaita da sauran, kada wani ya yi tuntuɓe.

"Haka kawai, Yaya? Baƙin siminti?"

"Haka kawai. Wurin kwalinsa ne."

Ya kwaɓa simintin da laushi, ya cike gurabe shidan, ya bi su da cokalin gini har suka yi sumul. Bai taɓa barin aiki da giɓi ba tun da ya fara sana'a, kuma bai taɓa shafe siminti da kulawa irin ta ranar ba.

Da ya bushe suka shigo da kaya. Auta ya kama kan gadon ya nufi bangon ciki da shi, sai Yaya ta riƙe ɗaya gefen ta tsaya cak.

"Ba nan ba," ta ce. "Kai shi wancan bangon."