Allon Sallah a shagon Hajjo

Hajjo ta rasu saura kwana talatin da biyu Babbar Sallah. Shekara goma sha tara ta yi tana sayar da abinci a Kalgo, cikin wani shago mai benci huɗu kusa da inda motocin Birnin Kebbi ke tsayawa. Da aka share makoki, ɗiyarta Surayya ta karɓi tukwanen. Mutane suka zo gaisuwa, suka ci sau ɗaya don kunya, daga nan ƙafa ta ɗauke. Mijin Surayya ya ce mata in Sallah ta wuce shagon bai tashi ba, ta mayar wa mai gini mabuɗinsa ta dawo gida. Ba ta yi musu ba, don shi ma bai faɗi ƙarya ba.

Malam Lawali, mijin marigayiyar, yana Gwandu. Tun ranar jana'iza ba a ga hawayensa ba. In an kawo tuwo ya ci, in an ɗauke kwano bai tambaya. Gishiri ya yi yawa ko babu shi sam, duk ɗaya ne a bakinsa. Saura kwana huɗu Sallah Surayya ta kira shi a waya ta ce ya zo, sai ya shiga mota ya zo, don bai ga dalilin ƙi ba.

Ya tarar da ita zaune gaban allon da ake jinginawa a ƙofar shago, hannunta duk alli.

"Baba, saurara ka ji. Wannan zan sa a allo, in ɗauki hotonsa in tura wa mutane a waya." Ta karanta: "Garaɓasar Sallah! Gasasshen naman rago mai maiƙo, mai laushi, yana narkewa a baki. Soyayyen nama mai ƙamshi. Daga ranar Sallah."

Ya kawar da kai daga allon.

"Bai yi ba?"

"Wa za ki sayar ma wa?"

"Mutane mana, Baba. Sallar nama ce."

"Shi ya sa. Ran Sallah wane gida ne ba a kafe rago a jikin sanda an kewaye wuta da shi ba? Wanda bai yanka ba, washegari kafin azahar an aiko masa daga gida uku. Ke kuma ki zauna nan kina kiran mutane su zo su sayi abin da ke cike da kwanonsu. Mai kai ruwa kogi ba ya ciniki."

Surayya ta aje allin. "To Inna mi take sayarwa? Ni duk Sallah ina gidan mijina ina suya, ban taɓa ganin allonta ba."

"Ran Sallah da washegari ba ta buɗewa. Rana ta uku take hura wuta, sa'ad da maiƙo ya gundure kowa. Kuma ba ta ɗora nama ko tsoka ɗaya."

Ya lissafa mata, muryarsa ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin sunayen unguwanni. Tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, da bandar kifi. Farfesun tarwaɗa. Kunun tsamiya. Fura da nonon da matan rugga ke kawowa da safe.

Ta goge allon da tsumma, ta rubuta: "Miyar sure mai daɗin gaske, mai daɗi ba misali."

"Goge."

"Haba Baba!"

"Kowa ya ce abincinsa da daɗi. Har mai sayar da ruɓaɓɓen tumatir. Ki faɗa wa mutum abin da bakinsa zai tarar, shi zai yanke hukuncin daɗin."

"To ai sai ka ɗanɗana ka gaya mini. Kai ka ci tata shekara arba'in."

Akwai sauran miyar suren da ta yi da rana. Ta ɗumama, ta zuba masa a kan malmala ɗaya. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya tauna, ya haɗiye, ya ƙara ta biyu. Tana tsaye tana kallon bakinsa.

"Ya ka ji?"

"Da zafi."

"Yaji?"

"Zafin wuta. Ban ji komai ba, Surayya. Tun ran nan ba na ji."

Wata mota ta tsaya a waje, aka sauke buhuna, ta tashi. Ya dubi yatsunsa, ya murza miyar tsakanin babban yatsa da manuni.

"Amma kin zubar da ruwan farko na suren."

"Eh, don tsamin ya ragu."

"A sauran ranakun shekara haka ake yi. Na Sallah rabi take zubarwa. Tana son tsamin ya kama gefen harshe, mutum ya ji yawu ya tsinke masa. Kifin kuma kin sa shi da wuri, ga shi ya watse. Nata sai miya ta kusa sauka, don a same shi gutsure-gutsure, hayaƙin bandar yana nan a jikinsa. Gyara tukunya tukuna, sannan ki rubuta. In kika rubuta abin da babu a kwano, sau ɗaya za a zo miki. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ya koma Gwandu da la'asar. Washegari ta sake dafawa yadda ya ce, ta ɗanɗana da kanta, ta kira shi ta karanta masa sabon abin da ta rubuta. Ya sa ta cire kalma biyar, ya sa ta rubuta rana da farashi a gaban kowane abu, don kada mai iyali ya tsaya a ƙofa yana jin nauyin tambaya. Ban da farashin, abin da ya rage a allon shi ne:

"Maiƙo ya ishe ka? Daga rana ta uku ta Sallah, ƙarfe sha biyu.
Tuwon shinkafa mai taushi da miyar sure, tsaminta na tsinka yawu, da bandar kifi mai ƙamshin hayaƙi.
Farfesun tarwaɗa, romo tsararo, citta da masoro suna ɗumama maƙoshi.
Kunun tsamiya da zafinsa.
Fura da nonon safe, mai kauri, mai sanyin randa."

Ran Sallah Malam Lawali ya je Idi, ya dawo, ya yanka ragonsa, maƙwabta suka kafe masa. Ya zauna yana kallon kitse na ɗiga cikin garwashi har rana ta yi sanyi. Rana ta uku ya shiga motar Kalgo ba tare da an kira shi ba, ya zauna a ƙarshen benci.

Sha biyu ta yi, ba kowa. Sha biyu da rabi, ba kowa. Surayya tana ta buɗe tukunya tana rufewa. Wajen ƙarfe ɗaya wani direba, Zubair, ya tsaya gaban allon, ya karanta yana motsa leɓe, ya haɗiye yawu, ya leƙo.

"Hajiya ƙarama, da gaske akwai suren nan, ko allo ne kawai? Wallahi kwana biyu nama nake ci, har haƙorana sun gaji."

"Shigo ka gani, gani ya kori ji."

Ya ci malmala biyu, ya fita ya ƙwala wa abokansa kira. Bayansu wasu malaman jami'a biyu da ba su yi tafiyar Sallah ba suka zo da kuloli, suka ce matansu ne suka ga hoton a waya. Kafin la'asar an kankare tukunyar miya, farfesu ya ƙare, saura kunu kaɗan.

Surayya ta kira mijinta, ta juya baya tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta gama ta zo ta zauna kusa da ubanta.

"Ya ce in riƙe mabuɗin."

"To."

"To kawai, Baba?"

"Madalla." Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Gobe ki ƙara kifi. Ki je wurin masu banda tun da sassafe, kafin a zaɓe manyan."

Ta raka shi bakin titi. Motar Gwandu saura mutum biyu ta cika, ya shiga ya zauna gefen taga, yana jira.