Lahadin Ramata

Tun daga Agadez har Yamai, babu ɗakin marasa lafiya da ake raba aiki da adalci kamar na Majo Alkasum. Shi ne shugaban ma'aikatan jinya a wata ƙaramar likita ta unguwar Dagmanet a Agadez, kuma sai da ya je horo na musamman kafin ya zauna ya tsara planin, wato jadawalin aikin da ke manne a bangon ofishinsa.

Ma'aikata biyar gare shi, kowacce tana bin zagaye ɗaya: yau aikin safe, gobe na yamma, jibi na dare. Ranar da ta sauka daga dare ta barci ce, washegari hutu, sannan ta koma safe. Da yake zagayen kwana biyar ne, mako kuwa bakwai, sau ɗaya a mako biyar kowacce ke sauka ranar Asabar ta huta Lahadi. Ba a fifita 'yar gari a kan baƙuwa ba. Ya kuma kafa doka: ba mai haɗa aiki biyu a rana, ba mai tashi da yamma ta dawo da safe, ba mai taɓa majiyyaci ranar da ta sauka. Ma'aikaciya mai gyangyaɗi, in ji shi, allura ce a hannun makaho.

Wannan makon Asabar da Lahadin na Ramata ne. Ita ce baƙuwar. 'Yarta Balki tana Aderbissinat wurin kakarta, tana karatu a lakwal, kuma zuwa da dawowa ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Ramata ta riga ta saya mata takalmi, ta gaya wa yarinyar a salula cewa Asabar da la'asar tana tafe.

Sai ƙanwar Souwaiba, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ta haihu ranar Lahadi. Majo ya lissafa komai a planinsa ban da wannan: suna ranar da aka haihu yake zagayowa, da safe ake yinsa, kuma yayar maijego ba ta aika uzuri. Safiyar Lahadi kuwa Souwaiba ce da aiki.

Majo ya tara su ranar Juma'a, ya ɗauki biro yana bin layi. Mai aikin yamma ba za ta haɗa biyu ba. Mai dare haka. Mai sauka barci za ta yi. Biron ya tsaya a kan suna ɗaya: wadda ta sauka tun Asabar, ta samu cikakken barci, aikinta na gaba kuma sai safiyar Litinin. Fuskarsa ta yi haske. Ya ce su duba da kyau, tsarin da kansa ya fitar da amsa, ba wanda ya sa son rai.

Ramata ta ce tana da tafiya.

Majo ya tambaya ko rasuwa aka yi. Ta ce a'a. Biki? A'a. Ciwo? Ta ce lafiya lau, yarinyar ce kawai take son gani. Ya gyaɗa kai da tausayi, ya ce ba zai tilasta wa kowa ba, wannan magana ce tsakanin 'yan'uwa.

Souwaiba ta riƙo hannunta. "Haba ƙanwata, Aderbissinat tashi za ta yi? Ki riƙe mini wannan, ranar hutuna in biya ki, wallahi."

"Ranar hutunki Alhamis ce, yaya."

"To, Alhamis ɗin."

"Alhamis ina sauka daga dare. Me za ki riƙe mini, barcin?"

Aka yi dariya, har da Majo, wanda ya ce Ramata akwai barkwanci. Ya ƙara da cewa tunda Souwaiba kullum kwana ɗaya take gabanta a zagaye, haka abin zai riƙa faɗawa, amma Allah ba ya manta alheri. Sauran ukun suna kallon farcensu. Kowacce tana da dangi a gari, dangin kuma suna haihuwa. Ramata ta dubi matan da za ta ci gaba da karɓar aiki daga hannunsu, ta ce to.

Ba a goge komai a bango ba. Majo bai son a ɓata planin da biro, don haka Lahadin ta zauna a rubuce a matsayin hutun Ramata.

A wurin suna an ba Majo kujera a inuwa. Bayan an shafa fatiha aka raba dabino da goro, ya bayyana wa wani ɗan kasuwa da ke kusa da shi cewa a sashensa ko an yi musaya ba a taɓa karya dokar hutu, ga Souwaiba can cikin mata shaida.

A lokacin Ramata tana likita, tana auna tansiyon, wato hawan jinin wani tsoho. Da ta gama ta fita baranda ta kira gida. Kakar ta ce Balki tun jiya take zaune a bakin hanya, ko a ba ta salular? Ramata ta ce a bari sai an jima, ta tambayi lambar takalmin da yarinyar ke sawa yanzu, ko wanda ta saya zai yi mata kaɗan kafin mako biyar. Sannan ta koma ciki, ruwan da aka ɗaura wa mai gado na biyu ya kusa ƙarewa.