Kujerar Baya da Layin Kwance

A ƙarshe dai Ƙaramar Dakta ta yi jawabinta cikin minti goma sha ɗaya, da shafi tara na majigi, kuma sakamakon da ta nuna ya ƙaryata taken da aka buga mata a littafin taron. An yi haka ne ranar Laraba, a zaure na biyu na taron masana tsaftar ruwa, gaban mutum kamar tamanin. Malaminta yana layin gaba, bai tafa ba.

Ba dakta ba ce tukuna. Ɗaliba ce a shekararta ta ƙarshe, abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, kuma sashensu ba ya bari a kare digiri sai an yi jawabi a irin wannan taro. Abin da aka ba ta ta faɗa shi ne alfaharin malamin nata, Farfesa: gawayin totuwar masara yana janye dalma daga ruwa da sauri daidai da gawayin kamfani. Shekara biyu yana yawo da maganar. Hujjarsa zane biyu ne a jere, wani tsohon ɗalibi ya yi su kafin ya koma aikin banki. A kowanne, layi yana gangarowa daga maikrogiram hamsin a lita zuwa ƙasa da goma, kamar an tsaga kara.

Farfesa ya ba ta nasa shafukan, guda talatin da huɗu, sha huɗu daga ciki lissafi ne zalla. Ta tuna masa minti goma sha biyu aka ba kowa. Ya ce ta riƙa magana da sauri.

Sai dai ɗakin bincikensu yana da al'ada. Kafin kowa ya tafi taro, yakan yi gwaji a ajin da ke ƙarshen baranda, Baba Kwalba kuma ya zauna a kujerar ƙarshe. Shi ne ma'aikacin da ke haɗa sinadarai da ɗibar samfur tun kafin Farfesa ya zama farfesa. Duk shafin da ya kasa karantawa daga can, a gyara ko a cire. Farfesa ne ya kafa dokar, shi kaɗai ne kuma ba ta taɓa hawa kansa ba.

Ran Litinin ɗin makon da ya gabaci taron ta tsaya gaban farin bango. Shafukan lissafin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu Baba ya tambaya ko za a yi jarrabawa a ƙarshe, don ya nemo biro. Farfesa ya yi ciniki kamar mai sayar da akuya, daga sha huɗu ya sauko bakwai, aka tsaya a ɗaya. Da aka zo shafin sakamako, Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"'Yata, wancan da ke ƙasan zanen rubutu ne, ko tururuwa ce ta bi bango?"

Ta ce lambobin lokaci ne, a layin kwance. Ya ce to shi daga nan layi biyu kawai yake gani, sun yi kyau, Allah ya sa albarka, amma bai san me suke aunawa ba.

Bayan azahar ta zauna gyara. Zanen hoto ne aka liƙa, da ta ja shi ya girma sai lambobin suka narke. Dole ta nemo ainihin alƙaluman a tsohuwar kwamfutar da ke kusa da injin awo, ta sake zanawa, girman rubutu ya tashi daga lamba shida zuwa ashirin da huɗu. Sai ta karanta. Layin kwancen gawayin kamfani ya tsaya a minti sittin. Na totuwa ya tsaya a ɗari shida. Manhajar zane takan zaɓa wa kowane zane iyakarsa don layi ya cika fili, tsohon ɗalibin kuma ya bar ta da zaɓinta. Ta ɗora duka biyun a zane ɗaya. Na kamfani ya faɗo a lungun hagu kamar guga a rijiya, na totuwa yana tafe a hankali kamar mai ciwon ƙafa.

Ta kira Baba ya gani. Bai yi mamaki ba. Ya ce ai na kamfani kafin shayinsa ya huce an yi nisa, na totuwa kuwa yakan dasa shi da sassafe, ya ɗebi samfurin ƙarshe gab da magariba. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Wa ya tambaye ni? Ni dai ana ce mini an yi nasara, ina cewa madalla."

Farfesa ya duba sabon zanen ya daɗe. Ya ce rubutun ya yi girma, kamar tallan magani. Sannan ya ba da shawara uku: a mayar da tsohon zanen, ko a kai sabon can ƙarshe inda lokaci zai ƙare kafin a iso, ko a dawo da lissafin nan, domin in mutane suka gaji ba sa tambaya. Ta saurara har ya gama. Ta san shi zai sa hannu a kundinta. Ta kuma san a kowane zaure akwai mai ɗaukar hoton shafi da waya, ya buɗa shi da yatsa biyu, kuma ita ce za ta kasance a tsaye, ba shi ba.

"Ranka ya daɗe, kai ka koya mana abin da Baba bai karanta ba, ba a nunawa."

"Na ce a karanta, ban ce a tona ba."

Bai hana ba, bai kuma yarda ba. Ta ɗauki hakan a matsayin izini.

Ran Larabar taron shafinta na bakwai yana da zane ɗaya, layi biyu masu launi daban, da suna a jikin kowanne. Layin tsaye dalma ce, maikrogiram a lita; na kwance lokaci ne, ta mayar da shi awa. A sama ta rubuta jimla guda: gawayin totuwa yana kai dalma ƙasa da goma, amma sai ya yi awa goma. Ta ce taken da ke hannunsu kuskure ne, ta faɗi yadda aka yi cikin jimla biyu. An yi dariya, irin ta mutanen da kowannensu ya tuna wani zane nasa.

Mutum uku suka yi magana. Wata injiniya daga can baya ta ce awa goma ba aibi ba ne ga ruwan da ake ajiyewa ya kwana, ta nemi alƙaluman. Shugaban zaman ya ce tun safe wannan ne zane na farko da ya karanta ba tare da ya tashi ba. Wani kuma ya tambayi Farfesa kai tsaye ko ba shi ne ya nuna wani abu daban bara ba. Farfesa ya ce ilimi kogi ne.

Washegari a mota, suna hanyar komawa, Farfesa ya miƙa mata wayarsa ba tare da ya dube ta ba. Saƙo ne daga mujallar da ya aika wa maƙalarsa watanni biyar da suka wuce, da tsohon zanen a ciki. Sun karɓa. Gyara ɗaya kawai masu tantancewa suka nema: a ƙara girman lambobin da ke zane na uku, wato tsohon zanen nan, ba sa karantuwa. Sun ba shi mako biyu. Kwana tara sun wuce, bai amsa ba.