Yankin Ja

Albashina yana shigowa ranar ashirin da takwas ga wata. Kafin ashirin ga wata mai bi ya ƙare. Shekara biyu ke nan a haka, kuma ni mai kula da sito ne a kamfanin sayar da tayil. Kwali ɗaya ba ya fita ƙofa ban rubuta shi ba. Aljihuna ne kawai ba shi da mai gadi.

Don haka na sauke manhajar tsara kashe kuɗi a wayata. Na duba guda uku, na ɗauki wadda ake haɗawa da asusun banki, saboda ba ta neman komai a wurina. Idan na biya da kati, ta rubuta. Idan na tura kuɗin haya, ta rubuta. Abu ɗaya ta tambaye ni: kuɗin da nake cira a na'ura, a wane rukuni za ta sa su? Na danna "Gida", na ce ta riƙa yin haka kullum. Ai daga cikinsu nake ba matata kuɗin cefane.

Ƙarshen wata ta zana mini da'ira mai launuka. Haya shuɗi, makarantar yara kore. Gida ja ne, kuma ya cinye kusan rabi.

Ranar Asabar yayata ta zo mana. Muna falo, matata ta kawo shayi. Na miƙa wa Yaya wayar.

"Yaya, duba nan. Kullum kina cewa ba na tari. Ga inda kuɗin ke tafiya."

Yaya ta gyara tabarau. "Wannan jan duk cefane ne?"

"Duk."

"Ikon Allah. Ku huɗu? Ko kuna da barikin soja a bayan gida ban sani ba?" Ta juya wajen matata tana dariya. "Ƙanwata, a riƙa sassauta hannu. Mai nema yana wahala."

Matata ta ajiye sukari a kan tebur. "To, Yaya," ta ce.

Ranar Litinin matata ta sayi ƙaramin littafi. Duk yamma idan na dawo, zan tarar da shi a kan firij, canji a kansa, har ƙwandala. Tumatir kaza, sabulu kaza, kuɗin motar yara kaza. Ta daina hawa mota zuwa kasuwa, ta koma tafiya a ƙasa. Na ce mata ba sai ta yi haka ba.

"Ina sassauta hannu ne, Baban yara," ta ce.

A wajen aiki akwai kashiyarmu, dattijuwa ce, shekara ashirin tana ƙirga kuɗin mutane. Anti muke ce mata. Lokacin hutun rana na nuna mata da'irar, ina neman wanda zai ce ina da gaskiya.

Ta duba, ta matsa yankin jan, jerin ya buɗe. Cire kuɗi, cire kuɗi, cire kuɗi.

"Mai Sito, ina tumatir a nan?"

"Yana ciki."

"A ina? Ni dai na ga na'ura ta ba ka kuɗi. Wannan abar taka iyakarta bakin banki. Da zarar kuɗi sun zama takarda sun shiga wandonka, ta makance. Kai ka ce mata gida ne, ita kuma ba ta musu." Ta miƙo mini wayar. "Jiya ka ciri kuɗi. Nawa ka ba uwar 'ya'yanka?"

"Kusan duka."

"Kusan. Naman da kuka ci da direbobi fa, ita ta soya?"

Na yi dariya.

"In ƙananan kuɗin hannu kake son kamawa," ta ce, "nemi manhajar da kai za ka riƙa rubutawa. Ka duba abu uku. Ta ba ka asusu na kuɗin aljihu daban da na banki. Ta yi aiki ko babu data, don sitonku ko waya ba ta shiga. Kuma rubutu ɗaya kada ya wuce danna uku, in ya wuce, kai da na sani kwana biyu za ka yi ka watsar."

Na sauke wata a ranar. Ban gaya wa kowa ba.

Kwana biyun farko na yi shirme. Na ciri dubu goma na rubuta a matsayin kashewa, sannan na rubuta shayi da kuɗin mota su ma a matsayin kashewa. Jimilla ta kumbura. Na koma wurin Anti da murna, na ce wannan ma ƙarya take yi.

"Kai dai kake yi. Cire kuɗi ba kashewa ba ne. In ka ɗauke kwali daga babban sito ka kai shago, ka sayar ke nan?"

"A'a."

"To rubuta shi a matsayin tura kuɗi daga banki zuwa aljihu. Sai abin da ya bar aljihu ne kashewa. Da yamma ka ƙirga abin da ke wandonka, ka gwada da abin da ta ce ya rage. In sun bambanta, akwai abin da ka manta, ko wanda kake so ka manta."

Na goge, na fara sabo ranar Litinin. Na rubuta komai, a tsaye, kafin in mayar da canji aljihu. Shayi da burodi a bakin ƙofar kamfani, bayan na karya a gida. Tasi, saboda na makara bas. Abincin rana. Lemon kwalba biyu, ɗaya nawa, ɗaya na duk wanda ya zauna kusa da ni. Mai gadi ya ce, "Oga, yau ba a gaisa ba," na ba shi. Wankin takalmi. Nama da direbobi ranar Laraba, da kuma Alhamis, don ranar Laraba an yaba mini. Babu ko ɗaya da ya kai abin da mutum zai tuna.

Ranar Lahadi da rana na zauna a gefen gado na duba. Na ciri dubu talatin a satin. Na ba matata dubu goma sha uku. Ni na kashe dubu goma sha biyar da ɗari biyu. Manhajar ta ce saura dubu ɗaya da ɗari takwas a aljihuna. Na zazzage wando. Babu komai.

Daga kicin ina jin matata tana ce wa ƙaramar 'yarmu ta rage sabulu.

Na ƙara sati guda, wai ko wancan satin ne ya zo da tsautsayi. Na biyun ya ɗan ragu, don yanzu ina jin kunyar wayar. Duk da haka na fi gidan gaba ɗaya ci. A satin nan matata ta dawo daga kasuwa ranar Talata da ledoji sun yanke mata yatsu, na karɓa na kai kicin, na yi mata sannu. Sannu kawai na ce.

Manhajar tana da tsari biyu. Na kyauta, mutum ɗaya, waya ɗaya. Na biya kuma, kuɗi kaɗan duk wata, yana ba da damar a gayyaci mutum na biyu cikin asusu ɗaya: kowa ya rubuta nasa, kowa ya ga na kowa, har da abin da aka rubuta a baya. Kwanakin gwajin na biyan suna ƙarewa ranar Juma'a.

Na kyautan ya ishe ni. Zan iya rage shayi da tasi a hankali, wata ya zo ƙarshe da saura, in ce wa matata, "Kin gani? Da kika kula, ga shi mun samu." Za ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Akwai hanya ta biyu ma: in buɗe sabon asusu fari fat in gayyace ta ciki, sati biyun nan su zauna a inda ba za ta gani ba. Na buɗe shi har na sa masa suna.

Anti ta leƙo ta kafaɗata. "Wannan sabon fa?"

"Na gida ne. Ni da ita."

"Tsohon kuma na wa?"

Na kifa wayar.

"Ni kashiya ce, ɗan nan. Duk wanda na gani da littafi biyu, na san ɗaya na nunawa ne." Ta ɗauki kofinta ta wuce.

Ranar Juma'a na goge sabon. Na biya, na tura gayyata zuwa wayar matata daga tsohon. Na taso aiki, na hau bas.

Na same ta a kicin, wayar a jingine da gwangwanin gishiri, tana yanka albasa. Ta riga ta karɓi gayyatar. Takan goge yatsa a zani, ta ja jerin sama, ta ci gaba da yanka.

"Lemo biyu," ta ce. "Kullum biyu. Wa ke shan ɗayan?"

"Duk wanda ke kusa."

"Allah Ya sa ni kusa wata rana."

"Na yi kuskure. Waccan manhajar…"

"Waccan ba ta san ni ba. Kai ka san ni." Ta ja jerin. "Ranar Talata ka hau tasi sau biyu."

"Eh."

Ta kwashe albasar ta zuba a tukunya. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na fi samun sauƙi.

"Ki yafe mini."

"Wannan tsakanina da kai ne, zai zo a lokacinsa. Amma ba a kicin ka faɗa ba, Baban yara. A falo ka faɗa, gaban Yaya."

Na kira Yaya a nan inda nake tsaye. Na gaya mata lissafin kamar yadda yake, sha uku da sha biyar, har da wanda ya ɓace.

"To sai me?" Yaya ta ce. "Namiji ai dole ya kashe a waje. Don wannan ka kira ni ina tsakiyar aiki?"

"Yaya, ba ita ba ce. Ni ne. Abin da na nuna miki ba daidai ba ne."

"Ai kuwa ka makara, ƙanena. Na riga na gaya wa Mama. Mama kuma ta gaya wa Gwaggo, ka san su. Har Gwaggo ta ce za ta zo ta koya mata cefane."

Na kashe wayar. Matata ta ji komai. Ta rage wutar murhu, ta rufe tukunya.

"Mutum nawa ke nan?" ta ce.

"Uku. Wataƙila huɗu."

"Fara da Mama. Ka buɗe murya in ji."

Na nemo lambar Mama, na danna. Ta fara ƙara.